Yadda Ake Tsara Binciken Hira Kan Dalilin da Sababbin Nas-nas Ke Barin Asibitocin Karkara a Kebbi

Yawancin ɗaliban da ke ɗaukar wannan batu suna rubuta a daftarin bincikensu cewa za su ziyarci asibitocin ƙauye su yi hira da nas-nas ɗin da ke can. Matsalar ita ce wadda ta bar wurin ba ta can. Wanda za ka tarar shi ne wanda ya zauna, shi kuma abin da zai ba ka hasashe ne game da wadda ta tafi, ko kuma nasa ƙorafin. Daftarin da bai nuna yadda za a kai ga waɗanda suka tafi ba, da yadda za su yi magana ba tare da tsoro ba, ya rasa ƙashin bayansa, ko da babin bitar rubuce-rubucensa ya kai shafi talatin. A kan wannan zan fi tsayawa, sauran sassan kuma in taɓa su gwargwadon buƙata.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce ke nas ce mai karatun digiri na biyu, kina da wata tara na aikin bincike, kuma kin zaɓi jihar Kebbi. Daftarin da Turanci za ki miƙa shi ga sufabaiza da kwamiti, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa da hirarrakin kansu galibi da Hausa za su gudana.

Fara da yanke wa kike nufi

Kafin take, kafin manufofi, zauna ki rubuta jimla biyu: wace ce sabuwar nas, kuma me ake kira barin aiki.

Ta farko ta fi sauƙi. Ki ce nas mai rajista da hukumar rajistar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, wato NMCN, wadda aka tura aikinta na farko cikin shekara uku bayan ta sami lasisi. Ki cire masu bautar ƙasa da masu horon shekara ɗaya na bayan digiri, domin su wa'adinsu ne ya ƙare, ba tafiya suka yi ba. Ki cire ma'aikatan lafiyar al'umma, domin karatunsu daban, hukumar rajistarsu daban, matakin albashinsu daban, duk da cewa a ƙauye kowa ana ce masa likita ko sista. Sannan ki yanke shawara kan ungozomomi, musamman waɗanda suka yi kwas ɗin ungozomar al'umma na shekara biyu, waɗanda ake ɗaukowa daga yankunansu da niyyar su koma can. Labarinsu ya cancanci bincike nasa. Idan kin haɗa su da nas ɗin da aka ɗauko daga Birnin Kebbi aka jefa ta Sakaba, za ki cakuɗa abubuwa biyu mabambanta.

Ta biyu ita ce mai wuya, domin a aikin gwamnati ba kasafai mutum ke rubuta takardar ajiye aiki ba. Wata ta nemi canjin wuri ta samu bayan wata huɗu saboda tana da mai tsaya mata. Wata ta tafi ƙaro karatu ba ta dawo ba. Wata ta sami aiki a asibitin tarayya ko a ƙungiyar agaji. Wata aure ya kai ta Sakkwato. Wata kuma sunanta na nan a jadawalin aiki, albashinta na shiga, amma sau ɗaya a mako take leƙowa. Akwai ma wadda ta karɓi takardar turawa ba ta taɓa taka wurin ba. Duk waɗannan a idon majinyacin ƙauye abu ɗaya ne: babu nas. Amma dalilansu da hanyoyinsu ba ɗaya ba ne.

Shawarata a misalinmu: ki ɗauki wadda ta kama aiki, ta yi aƙalla wata ɗaya a wurin, sannan ta daina aiki a can kafin cika shekara biyu, ta kowace hanya. Wadda ba ta je ba sam ki bar ta, domin ba ta da abin da za ta ba da labari game da zaman wurin. Mai leƙowa sau ɗaya a mako kuwa, kada ki neme ta da gangan. Tana cikin hatsarin hukunci, kuma binciken ɗalibi ba shi da ƙarfin kare ta idan magana ta fita.

Haka nan karkara. Kebbi na da ƙananan hukumomi 21, kuma babban asibitin da ke hedikwatar ƙaramar hukuma a bakin kwalta ba daidai yake da ƙaramin asibitin da sai an hau babur ko kwalekwale ba. Ki rubuta cewa kina nufin kowane asibitin gwamnati da ke wajen manyan garuruwa irin su Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yawuri da Zuru, sannan ki lura da wane iri ne: babban asibiti da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, ko cibiyar lafiya matakin farko da ke ƙarƙashin hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha. Wanda ke tura mutum da wanda ke canza masa wuri sun bambanta a tsarin biyu.

Tambayar bincike da abin da aka riga aka sani

Idan tambayarki ita ce "Waɗanne abubuwa ne ke sa nas-nas barin ƙauye?", amsar za ta fito jeri: albashi, gida, tsaro, kayan aiki. Kowa ya san wannan jerin tun kafin ki kunna rikoda, kuma fom ɗin tambayoyi ma zai iya kawo shi. Hira tana da amfani ne idan kina neman yadda abin ya faru. Saboda haka ki tambaya: ta yaya sabuwar nas ke kaiwa ga shawarar barin wurin aikinta na farko a karkarar Kebbi, kuma ta wace hanya take fita? Daga nan manufofi uku sun isa: abin da ta zata kafin ta je da abin da ta tarar, abubuwan da suka taru har ta yanke shawara, da waɗanda suka sa baki a ciki, da abin da a ganinta zai iya tsayar da ita.

A bitar rubuce-rubuce abu biyu ba za su ɓace ba. Na farko, shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 kan riƙe ma'aikatan lafiya a karkara, waɗanda aka sabunta a 2021. Sun kasa matakan gida huɗu: ilimi da horo, dokoki da ƙa'idojin aiki, ladan kuɗi, sai tallafin rayuwa da na sana'a. Na biyu, shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta fara a 2009 ta hannun hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, wanda ya haɗa har da sababbin ungozomomi, kuma an yi rubuce-rubuce kan wahalar riƙe su a wuraren da aka kai su. Ki karanta waɗannan ki nuna giɓin da ya rage a gare ki, wato muryar sabuwar nas ɗin da ta riga ta tafi, a jiharki.

Kada ki cusa alƙaluman da ba ki ga tushensu ba don bayanin matsala ya yi nauyi. Idan kina son adadin waɗanda aka tura da waɗanda suka rage, ki rubuta wa sashen kula da aikin jinya na ma'aikatar ki nema. In sun ba ki, ki faɗi shekarar da tushen. In ba su da shi a tattare, wannan ma abin rubutawa ne.

Yadda za ki same su

Nan ne kwamiti mai ido zai tsaya ya yi miki tambaya, don haka ki ba shi shafi guda cikakke.

Hanyar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce neman jerin sunaye daga ma'aikata. Tana da illa biyu. Jerin zai nuna waɗanda suka fita ta ƙofa ne kawai, masu takardar canjin wuri. Sannan duk wadda kika kira kika ce daga ofis kika sami lambarta za ta ɗauka bincikenta ake yi, ta rufe baki ko ta karanto miki abin da ba zai ja mata magana ba.

Hanyar da ta fi aiki ita ce ta 'yan aji ɗaya. Waɗanda suka gama kwalejin koyon aikin jinya tare suna da zaurensu na WhatsApp, kuma sun san inda kowa ya faɗa. Ki nemi shugabannin aji na shekaru uku ko huɗu da suka wuce, ki ba su gajeren saƙon gayyata mai ɗauke da sunanki da makarantarki da manufar binciken da lambarki, su saka a zauren. Ƙa'idar ita ce mai sha'awa ce za ta kira ki, ba ke za ki karɓi lambobin mutane ba. Haka za ki yi da reshen jiha na NANNM, ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa. Bayan kowace hira kuma ki roƙi wadda kika zanta da ita ta miƙa saƙon ga wata da ta sani.

Wannan miƙa-miƙar na da tarko. Ƙawaye kan yi kama da juna. Idan mutum na farko 'yar Birnin Kebbi ce da aure ya dawo da ita gida, biyar ɗin da za ta kawo miki wataƙila duk haka suke, sai ki kammala cewa aure ne ke kwashe nas-nas. Maganinsa shi ne ki fara daga bakin zare huɗu ko biyar da ba su san juna ba, kada kuma zare ɗaya ya ba ki fiye da mutum uku. Ki ajiye ɗan jadawali kina cikewa: mace ko namiji, da aure ko babu, 'yar yankin da aka tura ta ko baƙuwa, babban asibiti ko ƙaramar cibiya, wace masarauta, ta wace hanya ta fita. Yadda za ki gane kin karkata shi ne ki duba jadawalin bayan hira ta shida. Idan har lokacin babu namiji ko ɗaya, ko babu kowa daga ɓangaren Zuru da Yawuri, ki dakata ki nemo su da gangan.

Bambancin yanki ba ado ba ne. Wadda aka tura Danko-Wasagu ko Sakaba tana fuskantar matsalar 'yan bindiga da ta addabi yankin, kuma sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 na nan a zukatan iyaye. Wadda aka tura ƙauyen bakin kogi a Bagudo ko Ngaski tana fama da ambaliya da yankewar hanya a damina. Wadda aka tura wajen Dandi ko ƙasar Zuru na iya tarar da majinyatan da Zabarmanci ko Dakarci ya fi musu sauƙi. Idan duk mutanenki daga kewayen Gwandu da Kalgo suke, rabin labarin jihar bai shigo ba.

Sannan ki ƙara ƙaramin rukuni na waɗanda suka zauna suka wuce shekara biyu a irin wuraren. Ba don ƙididdigar kwatanci ba. Amfaninsu shi ne su nuna miki abin da bai isa ya kori mutum shi kaɗai ba. Idan wadda ta tafi da wadda ta zauna duk sun yi fama da rashin wuta da jinkirin alawus, to dole ki ƙara tono.

Mutum nawa? A misalinmu ki rubuta 14 zuwa 18 da suka tafi, 5 ko 6 da suka zauna, da incaji ko manyan nas 3. Akwai sanannen binciken Guest da abokan aikinsa na 2006, wanda suka yi da hirarraki 60 da mata a Ghana da Najeriya, suka ga cewa yawancin jigogi sun bayyana cikin hira 12 na farko. Ana yawan kafa hujja da shi, amma ki tuna mutanensu sun yi kama da juna ƙwarai. Naki sun bambanta, shi ya sa kike buƙatar ɗan ƙari. Ki faɗi ƙa'idar tsayawarki a fili: za ki riƙa nazari tun ana cikin hirarrakin, kuma idan hira uku a jere ba su kawo sabon abu ba, bayan jadawalin ya cike, za ki tsaya.

Tambayoyin hira

Kada ki buɗe da "Me ya sa kika bar wurin?" Duk wadda ta bar aikin ƙauye ta riga ta amsa wannan tambayar sau da yawa, ga iyaye, ga shugabanni, ga kanta, kuma tana da amsa a shirye wadda ba ta jawo zargi. Galibi "matsalar iyali" ce ko "tsaro". Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce duka ba.

Ki bi lokaci. Tambayoyi takwas zuwa goma sun isa hirar minti 45 zuwa awa ɗaya, kuma su tafi kamar haka: yadda ta shiga aikin jinya, ranar da ta ga inda aka tura ta, da abin da aka ce a gida, ranar farko da ta isa, wa ya tarbe ta, a ina ta kwana, yadda ranar aiki take daga safe zuwa dare, wani dare ko wani majinyaci da ba ta manta ba, lokacin da tunanin tafiya ya fara zo mata, wa ta fara gaya wa, yadda ta bi har ta fita, sai abin da da an yi shi da ta ƙara ko da shekara ɗaya. Tambayar dalili, in ma za a yi ta, ta zo can ƙarshe.

Ga misalin da na tsara don a ga yadda ake bin magana. Mai amsar ta riga ta ce aure ne ya dawo da ita.

"Sista, kafin maganar auren ta taso, kin taɓa tunanin barin wurin?"

"Gaskiya na taɓa, Anti. Tun wata na biyu."

"Me ya faru a wata na biyun?"

"Wata mata aka kawo da dare, ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Ni kaɗai ce. Incaji yana gari, na kira shi ba sabis. Da fitilar waya na sa mata ruwa."

"Sai aka yi yaya?"

"Muka nemi mota har wajen asuba. Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma da safe ba wanda ya tambaye ni yadda na kwana. Da na faɗa, sai aka ce ai haka aikin yake."

"Bayan wannan daren, wa kika fara yi wa maganar?"

"Babana. Shi ne ya ce in haƙura zuwa bayan biki, sai a nemi canji da takardar aure."

Duba abin da ya fito. A fom, wannan nas za ta zaɓi "aure". A hira kuwa an ga cewa an bar sabuwar ma'aikaciya ita kaɗai da aikin da ya fi ƙarfin gogewarta, ba mai duba ta, ba hanyar tura majinyaci, kuma auren ya zama hanyar fita da ofis zai karɓa. Dalilin tafiya daban, ƙofar fita daban. Idan daftarinki ya nuna kin san wannan bambanci kuma tambayoyinki za su iya raba su, kin yi rabin aikin.

Lura kuma da abin da mai tambayar ba ta yi ba. Ba ta ce "Lallai kin ji tsoro, ko?" ba, domin da ta sa mata kalma a baki. Ba ta ce "Ai ni ma haka ta faru da ni" ba. Tambayoyinta gajeru ne: me ya faru, sai aka yi yaya, wa kika gaya wa. Shiru ma kayan aiki ne. Idan ta tsaya, ki ƙirga biyar a zuci kafin ki yi magana.

Ki gwada tambayoyin da mutum biyu kafin ki fara, ki saurari rikodin. Idan muryarki ta kusa kai tata yawa, ko amsoshin duk jimla ɗaya-ɗaya ne, tambayoyin ne ke buƙatar gyara. Ki bar mai amsa ta zaɓi harshe. Yawanci za su cakuɗa Hausa da Turancin asibiti, kuma hakan daidai ne.

Wa ke tambaya, kuma wa zai ji

Kina buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarki da na Ma'aikatar Lafiya ta jiha kafin ki tuntuɓi kowa, bisa ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta shafi muryoyin da za ki ɗauka. Amma cike fom ba shi ne kare mutane ba.

Nas-nas ɗin jiha ɗaya sun san juna. Idan kika rubuta "nas namiji, ɗan shekara 26, daga ƙaramar cibiya a Fakai", kin faɗi sunansa ko da ba ki rubuta shi ba. Don haka ki yi alkawari a daftari cewa ba sunan asibiti, ba sunan ƙauye, ba ƙaramar hukuma a rahoto. Yanki kawai za ki ambata, kamar kudancin jihar, shekaru kuma a rukuni. Kowa ki ba shi lamba, kamar N07, takardar da ta haɗa lamba da suna kuma ta zauna daban a kulle. Ki kwashe rikodin daga waya a ranar zuwa kwamfuta mai kalmar sirri, kada ki tura shi ta zauren sada zumunta, ki kuma faɗi lokacin da za ki goge shi. Wasu za su ji tsoron sa hannu a takarda. Ki nemi izinin kwamiti tun farko cewa za a iya karɓar amincewa da baki.

Ki shirya wa abubuwa masu nauyi. Za a iya ba ki labarin cin zarafi daga wani babba, ko mutuwar majinyaci a hannunta, ko harin da ta tsallake. Ki rubuta abin da za ki yi: tsayar da rikoda, ba ta zaɓin ci gaba ko bari, da sunan wurin da za ta iya samun mai ba da shawara. Ki gaya mata tun farko iyakar sirrin da za ki iya riƙewa.

Sai matsayinki. Idan ke malama ce a kwalejin da suka gama, ko babbar nas da ke da hannu a tura mutane, ƙanwar da ke ce miki Anti ko Malama ba za ta iya ce miki a'a ba, kuma ba za ta soki tsarin da kike ciki a gabanki ba. Kunya da girmamawa za su tace maganarta. Kada ki ɓoye wannan a daftari. Ki faɗi ko ke wace ce, ki cire duk wanda ke ƙarƙashinki kai tsaye, in ya zama dole ki horar da wata tsararsu ta yi hirar. Idan mai binciken namiji ne, ya tanadi mace mataimakiya, ya kuma yi la'akari da cewa matar aure na iya son sanar da maigidanta. Wannan zaɓinta ne, amma amincewar tata ce ba tasa ba, kuma ba za a yi hirar a gabansa ba.

Kada a yi hira a wurin aikinta na yanzu. Ta zaɓi wuri da lokaci. Waɗanda suka koma Abuja ko wajen ƙasa, da waɗanda ke yankin da hanya ba ta da aminci, a yi da su ta waya. Babu digirin da ya kai ki jefa kanki ko mai amsa cikin hatsari.

Daga murya zuwa jigo

Rubuta hirar awa ɗaya kalma bayan kalma kan ci awa biyar zuwa shida, fassara kuma ta ƙara kusan haka. Hira 24 ke nan sun haura awa 200 kafin a fara nazari sosai. Ki sa wannan a jadawalin lokaci, domin a nan ɗalibai suka fi makalewa. Ki rubuta da harshen da aka yi maganar, da karin Kabi yadda ya fito, kada ki gyara shi zuwa Hausar littafi. Idan sufabaizanki na jin Hausa, ki yi nazarin a kan Hausar, ki fassara abin da za ki ɗauko cikin rahoto kawai, wani mai jin harsunan biyu ya duba.

Ki ambaci hanyar nazarin jigo ta Braun da Clarke ta 2006 mai matakai shida, amma kada ki tsaya ga jera su. Ki nuna yadda za ki yi da naki. Daga hirar da ke sama, za ki liƙa wa layuka alamomi irin su "ita kaɗai da dare", "ba a samun incaji", "ba motar tura majinyaci", "ba wanda ya tambaya", "uba ya ba da shawara", "aure a matsayin hanyar fita". Bayan hirarraki da yawa sai ki ga waɗanda ke tafiya tare. "Rashin kayan aiki" ba jigo ba ne, kan magana ne kawai. Jigo yana faɗin wani abu, kamar "an ɗora mata nauyin babba ba tare da babba a kusa ba". Sannan ki nemi wanda ya saɓa: nas ɗin da ta sami mai kula da ita amma duk da haka ta tafi. Kada ki share ta, ita ce za ta nuna iyakar jigonki.

Ba dole sai da manhajar nazarin hira ta NVivo ba. Hira ashirin da 'yan kai za su shiga Word da Excel lafiya. Ki ba wani ya sanya alamomi a hira uku shi kaɗai ku zauna ku tattauna inda kuka saɓa, ki riƙe littafin da kike rubuta tunaninki bayan kowace hira, ki kuma ce za ki bi COREQ, jerin abubuwa 32 da ake son rahoton binciken hira ya ƙunsa, wajen rubuta rahoto.

Lokaci, kuɗi da iyaka

A wata tara, ki ba neman izini wata biyu, domin kwamitoci ba kullum suke zama ba kuma suna iya dawo da daftari a gyara. Hira da rubutawa su tafi tare na wata uku, nazari wata biyu, rubuta rahoto wata biyu. Ki kauce wa Agusta da Satumba idan za ki shiga yankunan fadama, ki kuma tuna cewa a watan azumi hirar awa ɗaya da rana nauyi ce ga mai aikin dare.

A kasafi ki sa kuɗin mota naki da na masu amsa, katin waya, rikoda da batir, ladan mai rubutawa da mai duba fassara, da kuɗin kwamiti. Abin da za ki ba mai amsa ya tsaya a kuɗin mota da ɗan abin sha, kada ya kai yawan da zai sa mutum ya zo don kuɗin.

A sashen iyaka ki faɗi abu uku kai tsaye. Binciken ba zai ce kashi nawa ne ke tafiya saboda kaza ba, don haka kada ki rubuta sakamako da kaso. Mutane suna ba da labarin baya ne, kuma kowa kan gyara labarinsa ya dace da inda ya tsinci kansa, shi ya sa za ki taƙaita ga waɗanda tafiyarsu ba ta wuce shekara uku ba. Sannan waɗanda suka amsa gayyata wataƙila su ne masu abin faɗi da ƙarfin halin faɗinsa, masu tsoron hukunci kuwa ba za ki ji su ba. Ki ƙara da yadda sakamakon zai koma ga masu shi: taƙaitaccen bayani na shafi biyu ga sashen kula da aikin jinya da hukumar lafiya matakin farko da kwalejin, bayan kin tura wa waɗanda kika yi hira da su sun duba cewa babu layin da zai tona su.